Yadda ake ɗaukar hoton kaya da waya su fito bai ɗaya a shagon intanet

Mai saye ba hoto ɗaya yake fara gani ba idan ya buɗe shagonka. Jerin hotuna yake gani, goma ko ashirin, an jera su kusa da juna. A nan ne aibi yake bayyana. Wannan bayansa fari ne, na kusa da shi ya yi rawaya, na uku ya yi ruwan toka. Wannan dogo ne, wancan mai faɗi, har layin ya karkace. Wata jaka ta cika hoto har an yanke mata hannu, wata kuma ta maƙale can tsakiya kamar an manta da ita. Kowane hoto shi kaɗai yana iya zama mai kyau, amma da aka haɗa su sai shagon ya yi kama da wurin da ba a kula da shi.

Abin da ke jawo haka shi ne ana ɗaukar kowane hoto a matsayin aiki na daban, yau a bakin ƙofa, gobe a kan gado, jibi da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Gyaran shi ne a tsayar da abu huɗu tun kafin a ɗauki hoton farko, a kuma daina taɓa su: haske, shimfiɗar da ke bayan kaya, inda waya take tsaye, da girman hoton da za a fitar. Kaya ne kaɗai za su riƙa canzawa. Zan bi matakan da misali ɗaya har ƙarshe, wato jakunkunan hannu guda 12 da ake son sakawa a shago. Takwas manya ne, faɗinsu santimita 30, tsayinsu har da hannu santimita 34. Huɗu ƙanana ne marasa hannu, faɗinsu santimita 18.

Mataki na farko: yanke shawarar girman hoto kafin ka taɓa kyamara

Mutane da yawa suna barin wannan sai ƙarshe, alhali shi ne yake faɗa maka inda za ka tsaya da waya. Abu biyu ne a ciki, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai siffar hoto, wato yadda faɗinsa yake idan an gwada da tsayinsa. Akwai kuma yawan fiksel, ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton.

A siffa, wadda faɗi da tsayi suke daidai, wadda ake rubutawa 1:1, ita ce ta fi zama lafiya a yawancin shagunan intanet, domin tana ɗaukar dogon abu da mai faɗi ba tare da an yanke komai ba. Idan kayanka tufafi ne da ake ɗauka a tsaye, 4:5 ta fi dacewa. Ko wacce ka zaɓa, ita za ka riƙe a duk shagon. Idan ka haɗa siffa biyu, ko dai layin ya karkace, ko shafin ya yanke hotunan da kansa, kuma shi bai san inda hannun jaka yake ba.

A fiksel kuwa, 2000 × 2000 ya wadatar, mai saye zai iya buɗa hoton ya ga ɗinki. Duba ƙa'idar dandalin da kake sayarwa a kai. Shopify na ba da shawarar 2048 × 2048 ga hoto mai 1:1. Amazon na son babban hoton kaya ya kasance da baya fari fat, kayan su cika kashi 85 cikin ɗari na hoton, kuma sai gefen da ya fi tsawo ya kai fiksel 1000 kafin a iya buɗa shi. Ko ba a can kake sayarwa ba, wannan kashi 85 ma'auni ne mai kyau. A hoto mai fiksel 2000, jakar za ta ɗauki 1700, a bar 150 a kowane gefe. Riƙe wannan 1700 ɗin, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: haske

A nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Waya mai tsada a mummunan haske ba za ta kamo mai araha da ke cikin haske mai kyau ba.

Nemi taga babba wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye a lokacin da za ka yi aiki. Ajiye tebur a gefenta, ta yadda hasken zai zo wa jakar daga hagu ko daga dama. Kada taga ta kasance a bayan jakar, domin gabanta zai yi duhu. Kada kuma ta kasance a bayanka, domin inuwarka da ta waya za su faɗa kan kaya, kuma hasken da ya zo ta gaba kai tsaye yana shafe zanen fata da ɗinki, jakar ta fito sumul kamar roba. Hasken gefe shi ne yake nuna kauri da siffa.

Idan rana na bugowa, rataya farin yadi mai shara-shara a tagar. Dalili shi ne, iya faɗin wurin da haske ke fitowa, iya laushin inuwar da yake yi. Rana tsirara tana yin inuwa baƙa mai kaifin baki. Yadin da ya rufe taga kuwa yana mayar da tagar gaba ɗaya fitila mai faɗi, sai bakin inuwar ya narke. Yadin ya zama fari sosai. Labule mai launi zai rina kayan da launinsa.

Sai ka kashe duk wani ƙwan lantarki da ke ɗakin. Wannan ne kuskuren da ya fi ɓata launi. Hasken rana yana wajen kelbin 5500 a ma'aunin launin haske, ƙwai mai hasken rawaya kuma yana wajen 2700. Kyamara tana iya daidaita kanta da ɗaya daga ciki, ba ta iya daidaitawa da biyun a lokaci guda. Alamar za ka gan ta a takarda: gefen taga ya yi shuɗi-shuɗi, ɗaya gefen ya yi rawaya. Irin wannan hoton gyara shi a manhaja wahala ce, domin duk gefen da ka gyara ɗayan zai ƙara lalacewa. Filashar waya ma a kashe ta gaba ɗaya.

Yanzu gefen jakar da ba ya kallon taga zai yi duhu. Kada ka kawo fitila ta biyu. Ɗauko farin kwali mai kauri, ka tsayar da shi a wancan gefen yana fuskantar taga, daf da inda hoto ya ƙare. Zai mayar da hasken kan jakar. Riƙa matso da shi kana kallon fuskar waya, za ka ga inuwar tana sassauci. A ganina bai kamata a kashe inuwar gaba ɗaya ba. Ɗan abin da ya rage a ƙarƙashin jakar shi ne yake nuna cewa a zaune take a kan wani abu, ba a iska take lilo ba.

Matsalar taga ita ce haskenta ba ya zama wuri ɗaya. Na safe daban, na la'asar daban, gajimare ma yana canza shi. Saboda haka ka ɗauki jakunkunan 12 a zama ɗaya, kuma idan sabbin kaya suka zo ka dawo a daidai wannan lokacin na yini. Wanda ba ya samun sarari sai dare, ya nemi fitilar LED da aka rubuta 5000K zuwa 5500K a kwalinta, da CRI 90 ko sama, domin wannan lambar ce ke nuna yadda fitila take fito da launi na gaskiya. Ya sa farin yadi tsakaninta da kaya, ba tare da yadin ya taɓa ta ba. Idan ya ga layuka masu duhu suna ratsa hoton, ƙyaftawar fitilar ce kyamara take kamawa. A yanayin Pro na kyamarar waya, inda ake saita komai da hannu, sai ya sa saurin ɗauka, wato tsawon lokacin da kyamara take karɓar haske, a 1/50 na daƙiƙa inda wutar lantarki take 50 Hz, ko 1/60 inda take 60 Hz.

Mataki na uku: shimfiɗa

Farar takarda mai kauri, marar sheƙi, ita ce ta fi. Yadi yana tattarewa, kuma kowace tattara sai ta fito a hoto. Takarda mai sheƙi kuma tana mayar da hasken taga.

Jingina teburin da bango. Manna saman takardar a bangon da salatif, ka bar ta ta gangaro kan tebur a lanƙwashe, kada ka karya ta a kusurwa. Wannan lanƙwasar ce take ɓatar da layin da ke tsakanin bango da tebur, sai baya ya fito fili ɗaya ba iyaka. Faɗin takardar ya ninka faɗin kayan aƙalla sau biyu. Takardar A1, mai santimita 59.4 da 84.1, ta ishi ƙananan jakunkuna. Manyan kuwa sai A0, mai 84.1 da 118.9, in ba haka ba gefen tebur da bango za su leƙo.

Kada jakar ta jingina da bango. Matso da ita gaba kamar santimita 25 zuwa 30, inuwarta ta faɗi ƙasa maimakon ta hau bayanta. Sa ɗan ɗigo da fensir a inda tsakiyar gindinta zai zauna. Kowace jaka a kan wannan ɗigon za ta zauna.

Kafin jaka ta hau takarda, a shirya ta. Goge ƙura da sawun yatsa, cusa takarda a ciki ta cika ta tsaya da kanta, ja zif har ƙarshe, ɓoye takardar farashi. Hannun da yake faɗuwa ana iya ɗaga shi da siririn zare daga sama, a goge zaren daga baya. Minti ɗaya na gogewa a nan ya fi minti goma na gyara a waya.

Mataki na huɗu: inda waya za ta tsaya

Goge gilashin kyamara da yadi mai laushi. Maiƙon yatsa yana sa hoto ya yi hazo, musamman kusa da farar takarda.

Wayar tana buƙatar mariƙi mai ƙafa uku. Idan babu, a jingina ta a kan littattafan da aka jera a wani tebur ko kujera. Muhimmin abu shi ne kada ta motsa daga jaka zuwa jaka. Idon kyamara ya yi daidai da tsakiyar tsayin jakar ko ya ɗan ɗara kaɗan, wayar kuma a tsaye cak. Idan ka karkato ta ƙasa, saman jakar zai yi faɗi, gindinta ya tsuke. Kunna layukan saiti, waɗanda ake kira Grid a iPhone, Grid lines a wayoyin Android da yawa, ka daidaita gindin jakar da layin kwance.

Batun tazara yana da ɗan lissafi, amma mai sauƙi ne. Babbar kyamarar waya, wadda aka rubuta wa 1x, mai faɗin gani ce. Idan ka matsa kusa da ita, abin da ya fi kusa da gilashi yana kumbura, sai cikin jakar ya yi tulu, gefunanta su lanƙwashe. Mai saye zai ga siffar da ba ta kayan ba ce. Maganin shi ne ka ja baya ka danna 2x. Ita kuwa 0.5x kada ma ka kusance ta a wannan aikin.

A yawancin wayoyi, idan kana 1x a siffar 1:1, faɗin abin da hoto yake ɗauka ya yi kusan daidai da tazarar da ke tsakaninka da kayan. A 2x kuma rabin tazarar ne. To, ka tsaya mita ɗaya daga babbar jaka a 2x, hoton zai ɗauki kamar santimita 50. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto 4032 × 3024, a siffar 1:1 kuma 3024 × 3024. Jaka mai tsayin santimita 34 a cikin 50 ta ɗauki kashi 68, wato fiksel 2050 da ɗoriya. Muna buƙatar 1700, ke nan akwai rara, kuma akwai wurin yankewa.

Yanzu sa ƙaramar jaka a wannan tazarar. Santimita 18 cikin 50 kashi 36 ne kawai, fiksel 1090 ko kusa da haka. Idan ka yanke ka buɗa ta ta kai 1700, manhaja ce za ta ƙirƙiro ragowar, ɗinkin ya yi dishi-dishi. Saboda haka ƙananan suna buƙatar tasu tazarar. A santimita 60 hoton yana ɗaukar kamar santimita 30, jakar ta cika kashi 60, fiksel 1800 da 'yan kai. Ya isa. Sai ka manna salatif a ƙasa wuri biyu, ɗaya na manya, ɗaya na ƙanana, ka gama da rukuni ɗaya kafin ka matsar da waya. Idan ba ka son lissafi, riƙe wannan kawai: gefen kayan da ya fi tsawo ya cika kamar kashi biyu cikin uku na hoton tun a wajen ɗauka.

Akwai abin lura game da 2x. A wayar da ke da kyamarar nesa ta daban, ko babbar kyamara mai megafiksel 48 ko 50 da ke yanko tsakiyarta, hoton 2x yana fita da kyau. A wayar da megafiksel 12 kaɗai take da shi, 2x buɗa hoto ne kawai, rabin fiksel ɗin kowane gefe ne na gaske. Gwada da kanka: ɗauki jaka ɗaya a 1x da 2x, buɗa su a kan zif. Idan haƙoran zif sun narke a na 2x, koma 1x, ka tsaya nesa gwargwadon yadda jakar za ta cika kashi 60, ka ajiye ta a tsakiyar hoto sosai, domin a gefuna ne karkacewar ta fi yawa.

Mataki na biyar: kulle kyamara

Kyamarar waya tana yanke shawara da kanta a kowane hoto, kuma wannan ne yake raba launin bayan hotuna. Tana auna hasken da ke gabanta ne da zaton cewa matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Idan ta ga farar takarda ta cika wuri, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, takardar ta koma ruwan toka. Ka ajiye baƙar jaka, sai ta ƙara haske, takardar ta yi fari. Ka ajiye ja, sai ta ɗan juya launin duka hoton. Takarda ɗaya, taga ɗaya, amma baya kala uku.

Ajiye jaka mai matsakaicin launi, kamar ruwan ƙasa. Danna fuskar waya a kan jakar ka riƙe har kulle ya bayyana. A iPhone za ka ga AE/AF LOCK, a Android yawanci alamar kwaɗo ce. Sai ka ja alamar rana da ke gefe ka ƙara haske a hankali har takardar ta yi fari, amma ka tsaya kafin bakin jakar da sheƙin ƙarfenta su fara narkewa cikin farin. Yawanci ƙarin bai wuce +1 ba. Gara takarda ta ɗan rage fari a ɗaga ta daga baya, da a ƙone jikin kaya, domin wurin da ya ƙone babu abin da zai dawo da shi.

Idan wayarka tana da yanayin Pro, ya fi ƙarfi, domin kullen dannawa yana iya sakewa idan ka fita daga kyamara. Sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100, domin hoto ya fita ba tsaki-tsaki. Sa WB, wato saitin daidaita fari, a lamba tsayayya wadda takarda ta fito fara a kanta, ka fara gwadawa daga 5500K. Sai ka daidaita saurin ɗauka har hasken ya yi. Tunda waya a kafe take, ko 1/15 ba matsala ba ne, muddin ka sa mai ƙidayar daƙiƙa 2 ko 3 domin hannunka ya bar ta kafin ta ɗauka.

Kashe yanayin Portrait. Dusar da baya da yake yi na lissafi ne, kuma yakan cinye siririn abu kamar igiyar jaka. Kashe duk wani tace launi da abin da ke ƙara wa hoto armashi da kansa, kamar Scene optimizer a Samsung. Mai iPhone kuma ya shiga Settings, Camera, Formats ya zaɓi Most Compatible, domin hotuna su fita a JPEG maimakon HEIC da wasu shafuka ba sa karɓa.

Mataki na shida: ɗauka

Rubuta jerin kusurwoyi, ka bi shi ga kowace jaka: gaba, gefe a ɗan karkace, baya, ciki a buɗe, sai na kusa da ke nuna ɗinki ko zif. Jakar ake juyawa a kan ɗigonta, waya tana nan inda take. Hotunan kusa da na ciki suna buƙatar a matsar da waya, don haka a bar su sai an gama sauran duka. Idan jakar farko ta kalli dama a hoton gefe, duka su kalli dama.

Bayan jakar farko ka dakata. Buɗa hoton sosai ka duba ɗinki, ƙura, da gefunan takarda. Gara ka gano matsala a hoto uku da ka gano ta a hoto sittin.

Kala biyu ne za su ba ka aiki. Farar jaka tana ɓacewa cikin farar takarda. Cire farin kwalin, ka sa baƙi a gefen, daf da inda hoto ya ƙare, zai zana mata siririn duhu a baki wanda zai raba ta da baya. Baƙar jaka mai sheƙi kuma madubi ce, tana nuna taga da waya da kai kanka. Juya ta kaɗan-kaɗan har sheƙin ya koma gefe ya zama dogon layi mai laushi, kuma ka guji sa riga mai launi mai ƙarfi, domin za ta fito a jikin ƙarfen jakar.

Mataki na bakwai: gyara da yankewa

Kafin komai, kashe abin da ke canza launin fuskar wayarka, wato Night Shift da True Tone a iPhone, ko Eye comfort shield a Samsung. In ba haka ba za ka gyara rawayar da ba ta cikin hoton.

Gyara hoto ɗaya tak da farko. A manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom akwai abin tsinko launi a sashen daidaita fari. Ɗora shi a kan takardar, a wurin da bai ƙone ba, manhajar za ta cire rinin da ke ciki. Sai ka ɗaga fararen wurare har baya ya yi haske, ka ɗan buɗe inuwa idan ta yi nauyi. Kada ka ƙara ƙarfin launi. Riƙe jakar a hannu kusa da taga, ka gwada ta da abin da ke fuskar waya. Idan ta hoton ta fi ta hannunka kyau, rage gyaran. Launin da bai yi daidai da kaya ba shi ne yake sa mai saye ya ce ba abin da ya gani aka kawo masa ba, kuma yana da gaskiya.

Da hoton ya yi, kwafi gyaran ka manna wa sauran. A Lightroom akwai kwafar saiti da manna shi a hotuna da yawa, a Snapseed kuma akwai Last edits da ke maimaita gyaran da ka yi na ƙarshe. Amfanin kulle kyamara ke nan: tunda duka a haske ɗaya aka ɗauke su, gyara ɗaya ya ishe su.

Game da fari fat, wanda lambarsa take 255, 255, 255, da wuya takarda ta kai shi ko'ina daga kyamara, domin gefen da ke nesa da taga kullum ya fi duhu. Idan dandalin bai wajabta ba, fari mai ɗan toka-toka ba laifi ba ne, in dai iri ɗaya ne a duk hotuna. Idan ya wajabta, sai a haskaka bayan shi kaɗai da burushin gyara, ko a cire shi da manhajar cire baya. Wanda ya bi ta biyun ya buɗa hoton ya duba ramin da ke cikin hannun jaka da bakin igiya, domin a nan ake barin tsohon baya ko a gutsure kaya.

Yankewa kuwa hoto-hoto ake yi. Zaɓi 1:1 a wurin yankewa, kada ka ja da hannu yadda ka ga dama. Layuka za su raba hoton gida uku a kowane gefe. Filin da za ka bari tsakanin kaya da bakin hoto ya kai kamar rubu'in gida ɗaya, ko ya ɗan gaza, wannan zai kai ka kusa da kashi 85. A babbar jaka tsayi ne ya fi, don haka sama da ƙasa ake aunawa. A ƙaramar faɗi ne ya fi, sai a auna hagu da dama, a bar ta a tsakiya.

Wannan tsarin yana da illa ɗaya da ya kamata a faɗa. Ƙaramar jaka da babba za su fito kusan girma ɗaya a jeri, mai saye yana iya zaton ƙaramar babba ce. Saboda haka kowace jaka ta samu hoto guda da ke nuna girmanta na gaske, a hannun mutum ko a kafaɗa, a kuma rubuta awonta da santimita a bayanin kaya. Idan kuwa samfuri ɗaya ne mai girma uku, na fi son a ɗauke su a tazara ɗaya, a yanke su da awo ɗaya, gindinsu a layi ɗaya, domin bambancin ya fito da kansa.

Mataki na takwas: fitarwa da ɗorawa

Yankewa siffa kaɗai take daidaitawa. Hoton babbar jaka zai tsaya wajen fiksel 2400, na ƙaramar wajen 2100, don haka sai an mayar da su duka 2000. A Lightroom, wajen fitarwa, zaɓi JPG, ka sa gefe mafi tsawo a 2000, inganci 80 zuwa 90, tsarin launi sRGB, domin shi ne wanda burauza da wayoyi suka fi nunawa daidai. Hoto mai fili a baya a wannan saitin yawanci ba ya kai megabait ɗaya, shafi zai buɗe da sauri. Mai kwamfuta da manhajar ImageMagick zai iya yi wa duka a lokaci guda da wannan umarnin, bayan ya ƙirƙiri folda mai suna sababbi a inda hotunan suke:

```
magick mogrify -path sababbi -resize "2000x2000>" -quality 85 *.jpg
```

Ragewa ake yi kullum, ba a ƙarawa. Idan wani hoto ya gaza 2000 bayan yankewa, sake ɗaukarsa ya fi, tunda takarda da salatif suna nan. Ajiye hotunan asali a wuri na daban, domin duk lokacin da aka sake adana JPEG yana ɗan rasa inganci. Ba kowane fayil suna mai tsari, kamar jaka-014-baki-1.jpg, lambar ƙarshe tana nuna kusurwa, ta yadda hoton gaba zai zama na farko a kowane kaya. Idan za ka tura wa wani ya ɗora, kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi ya rage fiksel. Tura shi a matsayin Document.

Kafin ɗorawa, buɗe hotunan gaba guda 12 a jere a ma'ajiyar hotunan waya, suna ƙanana. A haka ido ya fi saurin kama wanda ya fita daban. Wanda bayansa ya fi duhu, ko gajimare ya gifta ko kulle ya saki. Wanda ya yi rawaya, an kunna ƙwai ko rana ta yi ƙasa. Wanda jakarsa ta fi girma ko ta hau sama, a yankewa ne, gyaransa daƙiƙa kaɗan ne.

Sannan ka ja baya ka ɗauki hoton wurin aikin gaba ɗaya, da tebur da taga da kwali da mariƙin waya. Rubuta lokacin da ka yi aikin, tazara biyun, tsayin waya daga ƙasa, da lambobin ISO da WB da saurin ɗauka. Ranar da jaka ta 13 ta iso, da wannan takardar za ka mayar da komai inda yake, ka ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin jakunkunan a matsayin gwaji, ka gwada da hotonta da ke shago, in sun yi daidai sai ka ɗora sabuwar a kan ɗigon.